Manhajar jinyar al'umma: me ya sa mako huɗu a ƙauye ba ya isa

Duk shekara, kafin ɗalibanmu na ajin ƙarshe su shiga jarrabawa, nakan ajiye musu kwafin wasu shafuka na rajistar rigakafi a kan teburi, in ce su faɗa mini yara nawa ne suka fara allura suka daina zuwa. Waɗannan ɗalibai ne da za su jero maka ginshiƙai takwas na kiwon lafiya matakin farko da aka amince da su a taron Alma Ata na 1978 ba tare da sun ja numfashi ba. Amma da zarar rajistar ta zo gabansu sai aji ya yi tsit. Wata shekara wata ɗaliba mai ƙwazo ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai wannan ba a koya mana ba." Na ce an koya, a mako na tara na zangon bara. Ta ce, "An dai karanta mana." Gaskiyarta ce, kuma laifin ba nata ba ne. Yana wuyan mu da muka zauna muka tsara kwas ɗin.

Kafin a yi nisa, ya kamata a san inda ikon makaranta ya tsaya. A Najeriya Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ce ke fitar da manhajar da kowace makarantar jinya za ta bi, ita ce kuma ke shirya jarrabawar samun lasisi. Kwalejojin da suka koma tsarin ƙaramar difloma da babbar difloma, shekara biyu-biyu, suna kuma ƙarƙashin Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa da ke Kaduna. Wannan takarda ta sama ita ke faɗin abin da dole a koyar. Sai dai ba ita za ta gaya maka wace unguwa za ka kai ɗalibai ba, ko a wane wata, ko su nawa a kowane asibiti, ko me za ka ba maki mai yawa. Waɗannan aikin kwamitin manhaja na makaranta ne, kuma a nan ne kwas ke gyaruwa ko ya lalace.

Yadda aka saba yi shi ne a ɗauko littafin karatu a bi babi-babi. Tarihin kiwon lafiyar al'umma, ma'anar lafiya, ruwan sha, shara, bayan gida, abinci, rigakafi, lafiyar makarantu, lafiyar ma'aikata, tsofaffi, naƙasassu, har a tara batutuwa arba'in. Bari mu yi lissafi. A tsarin zangon karatu, raka'a ɗaya na nufin awa ɗaya ta lacca a mako har tsawon mako 15. Idan kwas ɗin yana da raka'a biyu na lacca, awa 30 ke nan. Raba awa 30 ga batutuwa 40, kowane batu ya tashi da minti 45. A cikin minti 45 babu abin da malami zai iya yi da sarƙar sanyin allura, wato tsarin ajiye ta cikin sanyi tun daga ma'ajiya har ta kai ga yaro, face ya karanta ma'anarta, ɗalibai su kwafa. An cinye manhaja a takarda, an sa hannu an ce an kammala, ɗaliba kuwa ba ta taɓa buɗe firjin allura ba.

Ni a ganina farawa ake yi daga ƙarshe, wato daga ranar da aka tura yarinyar nan aiki. A ɗauka an kai ta wani asibitin sha-ka-tafi a wata mazaɓa, babu likita, mai kula da wurin jami'in kiwon lafiyar al'umma ne, sai ungozoma ɗaya idan an yi sa'a. Me za a buƙaci ta yi a makonta na farko? Za ta gudanar da ranar rigakafi. Za ta duba yaro mai zazzaɓi ko gudawa ko tari ta yanke shawarar wanda za a yi wa magani a nan da wanda za a tura babban asibiti. Za ta yi awon ciki ta gane alamun haɗari. Za ta shiga gidaje. Za ta cika rajista da rahoton wata. Idan ta ga yara uku daga unguwa ɗaya da ƙyanda, za ta san wa za ta kira kuma da wace takarda. Waɗannan shida su ne ƙashin bayan kwas ɗin. Duk batun da ba ya hidima ga ɗayansu, a ba shi awa ɗaya ko a bar wa ɗaliba ta karanta da kanta. Na san masu son tarihin yadda aka kafa hukumomin tsafta a Turai ba za su ji daɗi ba, amma awoyin ba su da yawa.

Daga nan sai rubuta manufa, kuma yadda aka rubuta ta shi ke nuna ko an san abin da ake so. Idan aka rubuta "ɗaliba za ta fahimci muhimmancin rigakafi", babu mai iya auna wannan, kuma lacca ɗaya ta wadatar a ce an cika. Idan kuwa aka rubuta "in aka ba ɗaliba rajistar wata shida, za ta lissafa kason yaran da suka yanke allura, ta fitar da sunayensu da unguwanninsu, ta tsara yadda za a bi su", to jimlar da kanta ta faɗi abin da za a tanada: rajista ta gaske, lokacin yin lissafi, da ƙafar zuwa gidajen. Ta kuma faɗi yadda jarrabawar za ta kasance.

Aiki ɗaya, daga aji zuwa unguwa

Bari mu ɗauki rigakafi mu bi shi tiryan-tiryan, don a ga yadda aiki guda ke tilasta wa manhaja tsarinta.

A ɗauka asibitin da za a kai ɗalibai yana kula da mutum 10,000. Wannan misali ne na ƙirƙira don lissafi, amma kason da ake amfani da shi na gaske ne: a tsare-tsaren rigakafi a Najeriya ana ɗaukar kashi 4 cikin 100 na jama'a a matsayin yara 'yan ƙasa da shekara ɗaya. Ke nan yara 400 a shekara, kusan 33 a wata. Allurar Fenta, wadda ke kare yaro daga cututtuka biyar ciki har da mashaƙo da tarin lala da sarƙewar haƙora da ciwon hanta, sau uku ake yin ta: a mako 6, mako 10 da mako 14 da haihuwa. Yara 400 sau uku, allurai 1,200. Ba duk abin da ke cikin kwalba ne ke shiga jikin yaro ba, saboda haka ana ƙara kason asara. Idan aka ɗauki asarar kashi 25 cikin 100, sai a ninka da 1.33, a samu kusan 1,600. Kwalba mai allurai goma, kwalabe 160 ke nan a shekara, 13 zuwa 14 a wata. Wannan lissafi shi ne ɗaliba za ta yi idan za ta karɓo allura daga ma'ajiyar sanyi ta ƙaramar hukuma. Idan ta karɓo kaɗan, uwa ta yi tafiyar awa guda a ƙafa a ce mata ta ƙare, kuma da wuya ta dawo. Idan ta karɓo da yawa, su lalace a firji.

Abin lura ga mai tsara manhaja shi ne wannan lissafi yana buƙatar ɗaliba ta iya kaso cikin ɗari. Da yawa ba su iya ba, kuma babu amfanin yin kamar sun iya. Ko dai a tabbatar darasin ƙididdiga ya riga wannan zuwa, ko a ware awa biyu a farkon kwas a yi ta lissafi da alƙalami. Na taɓa ganin jadawalin da ya sa ƙididdiga a zangon da ke bayan fita ƙauye. An kai yara gona, an bar fartanya a gida.

Sai rajistar da na fara da ita. A ce a wata shida yara 180 sun karɓi Fenta ta farko, 126 sun karɓi ta uku. Abin da ake sa rai a wata shida yara 200 ne, don haka 180 na nufin kashi 90 cikin 100 sun iso asibitin. Jama'a sun san wurin, suna kuma iya zuwa. Amma 180 a cire 126 saura 54, kuma 54 cikin 180 kashi 30 ne cikin 100. Ƙa'idar da ake bi ita ce duk abin da ya haura kashi 10 matsala ce. Ɗalibar da ta koyi karanta waɗannan lambobi biyu tare za ta gane cewa ba gangamin wayar da kai ake buƙata ba, domin iyaye mata sun riga sun zo sau ɗaya. Wani abu ne ya faru bayan zuwan farko. Ko yaro ya yi zazzaɓi cinyarsa ta kumbura kuma ba a gaya wa uwar cewa hakan na faruwa ba, maigida ya ce ba za a koma ba. Ko ba a faɗa mata ranar dawowa ba, an dai rubuta a kati da Turanci. Ko ta zo aka daka mata tsawa don ta manta kati. Ko ranar rigakafi ta faɗo ranar kasuwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke rubuce a rajista. Sai an je gidan an yi sallama.

A nan ne tsawon lokacin fita ya shigo, kuma shi ne abin da na fi jayayya a kai a kwamiti. Tsakanin Fenta ta farko da ta uku mako takwas ne cif. Ɗalibar da aka kai ƙauye mako huɗu, wanda makon farko ya tafi a gaisuwa da neman masauki, na ƙarshe ya tafi a rubuta rahoto, ba za ta taɓa ganin yaro ɗaya sau biyu ba. Za ta yi allura, amma ba za ta san abin da ake nufi da yaro ya yanke ba, domin yankewa abu ne da ke bayyana bayan mako huɗu. Idan kuwa fitar ta mako goma ce, yaron da ta yi wa ta farko a mako na biyu zai dawo a mako na shida, ya sake dawowa a mako na goma. In bai zo a na shida ba, tana da sunansa, tana da unguwarsa, tana da lokacin zuwa ta ji dalili, ta kuma ga ko maganarta ta yi aiki. Ba ni na zaɓi goma ba, jadawalin allurar ne ya zaɓa.

Na san ba kowace makaranta ce za ta iya cire ɗalibai mako goma a jere ba, ga kwanan asibiti, ga ɗakin tiyata, ga ɗakin haihuwa, kowa na jan bargon zuwa gefensa. Akwai mafita ta tsakiya: a yi mako huɗu ko biyar na zama, sannan a ware rana ɗaya a kowane mako, ranar rigakafin asibitin, ɗalibai su riƙa komawa har mako goma ya cika. Wannan na yiwuwa ne kawai idan wurin bai yi nisa ba kuma motar makaranta na da mai. Abin da bai kamata a yarda da shi ba shi ne a yayyanka lokacin a kai su wurare daban-daban, mako biyu nan mako biyu can, da sunan su ga abubuwa iri-iri.

Sai yawan ɗalibai a asibiti ɗaya, wanda shi ma lissafi ne. A misalinmu, yara 30 ne ke karɓar Fenta ta farko a wata, 21 ta uku, ta biyu kuwa a tsakani, mu ce 25. Allurai 76 ke nan a wata, kimanin 150 a wata biyu. Idan ɗalibai shida ne a wurin, kowacce za ta yi kusan 25 da hannunta. Idan aka zuba ɗalibai 20, kowacce bakwai, kuma a zahiri masu ƙarfin hali uku ne za su yi rabin aikin, sauran su tsaya a bayansu da littafi. Aji mai ɗalibai 60 yana buƙatar asibitoci goma a lokaci ɗaya, ko biyar idan an raba ajin gida biyu, rabi na ƙauye rabi na kwanan asibiti. Malamai biyu ba za su iya zagaya goma ba. Don haka raba ajin ya fi, ko da yake yana nufin dole a gama laccocin da ake buƙata kafin rukunin farko ya fita. Kowane zaɓi da kuɗinsa, amma gara a biya shi da sani.

Abin da dole a iya kafin a fita

Bai halatta ɗaliba ta fara koyon riƙe sirinji a cinyar jaririn mutane ba. Akwai abubuwan da za a gwada a ɗakin koyon aiki, malami ya sa hannu, kafin a ba ta izinin hawa mota. Ga sarƙar sanyi: allura a asibitin matakin farko tana zama tsakanin digiri 2 zuwa 8, ana duba ma'aunin firji safe da yamma a rubuta. Ɗalibai sukan ɗauka zafi ne kawai abokin gaba, saboda ƙasarmu ta zafi ce. Amma Fenta daskarewa ke kashe ta, kuma hakan na faruwa ne idan aka ciro ƙanƙara daga firiza aka jera kwalabe a jikinta nan take. Ana barin robar ƙanƙarar a waje har sai an girgiza an ji ruwa na motsi a ciki. Wannan abu ne na minti goma a nuna, amma sai da hannu. Haka alamar da ke jikin kwalba mai nuna ko zafi ya lalata allurar, ɗan murabba'i a cikin da'ira: muddin ya fi da'irar haske, allurar na da kyau, ya yi daidai da ita ko ya fi ta duhu, an jefar. Allurar ƙyanda da ta tarin fuka kuwa, da zarar an haɗa su da ruwansu, awa shida ne ko ƙarshen zaman ranar, duk wanda ya riga zuwa.

Haka duba yaro marar lafiya. Ɗaliba ta ƙirga numfashi minti ɗaya cur da agogo, ta san 50 ko fiye a yaro ɗan wata 2 zuwa 11 sauri ne, 40 ko fiye a ɗan shekara 1 zuwa 5. Ta ɗaura ma'aunin damtse a yaro ɗan wata 6 zuwa 59, ta san ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Awa 45 na aikin hannu, wato awa uku a mako, sun ishi waɗannan idan ba a mayar da su lacca ta bayan fage ba, wanda shi ne abin da ke faruwa a duk makarantar da ɗakin koyon aikinta ke kulle saboda mai riƙe da makulli ya yi tafiya.

Game da yadda za a jera kwas ɗin a shekarun karatu, ba zan tsawaita ba. A shekarar farko ɗaliba ta ga lafiyayyen gida: rijiya, masai, kwata, abin da ake dafawa. A tsakiya ta koyi shirye-shiryen uwa da yaro da cututtuka masu yaɗuwa. A ƙarshe ta auna unguwa gaba ɗaya ta tsara aiki. Idan unguwa ɗaya ake komawa duk shekarun, ya fi, domin mutane sun san fuskokin.

Wata da aka zaɓa, da ƙofar da aka shiga

Jadawalin makaranta yakan sa fita ƙauye a duk inda aka samu gurbi. Amma a arewa wata shi ke yanke abin da ɗaliba za ta gani. Wadda ta fita a Maris za ta tarar da zafi da ƙura, lokacin sanƙarau da ƙyanda, rijiyoyi sun ja baya. Wadda ta fita a Agusta za ta tarar da zazzaɓin cizon sauro ya cika asibiti, ana bi gida-gida ana raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariyar zazzaɓi na damina, ga barazanar amai da gudawa, ga tamowa na ƙaruwa saboda rumbu ya yi ƙasa kafin kaka. Sai dai a Agusta hanya na yankewa, kuma da hantsi ba za ka samu maigida ba, yana gona. Babu watan da ya haɗa komai. Idan an raba aji biyu, ɗaya ya fita da rani ɗaya da damina, a sa zama na musamman inda kowane rukuni zai gabatar wa ɗayan abin da ya gani da lambobinsa. A kuma duba watan azumi tun ana tsara jadawali, domin ziyarar gida da azahar a lokacin wahala ce ga mai ziyara da mai gida.

Shiga unguwa ma darasi ne, kuma ya cancanci awoyinsa a manhaja. Takarda na tafiya zuwa sashen lafiya na ƙaramar hukuma, daga nan hakimi, dagaci, mai unguwa, a gaida liman, a zauna da kwamitin ci gaban mazaɓa. Na taɓa raka wani rukuni da suka riga ni isa, suka fara shiga gidaje da takardun tambayoyi kafin a gaida kowa. Da na iso na tarar da su a gindin bishiya, an hana su. Muka je zauren mai unguwa, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, yara ne, kuskure aka yi." Ya dube su ya ce, "Malam, bara ma an zo an ƙirga mu, an tambaye mu masai nawa gare mu. Har yau ba mu ji sakamako ba." Wannan magana ta sa muka ƙara abu ɗaya a kwas ɗin: a makon ƙarshe ɗalibai su koma zauren su faɗi abin da suka gano da Hausa, kuma akwai maki a kai. Ya kamata a tuna da ɗalibai maza tun a rabon rukuni. Gidan da aka rubuta "ba shiga" a zaurensa, namiji iyakarsa ƙofa. A haɗa shi da mace, ita ta shiga wajen uwar, shi ya zauna da maigida, wanda sau da yawa shi ne mai cewa a je ko kar a je.

Kowace ɗaliba a ba ta gidaje biyar nata na kanta, ta riƙe su har ƙarshe. Biyar na da sauƙin zagayawa sau uku ko huɗu. Ashirin kuwa cika takarda ne kawai.

Akwai kuma wanda zai tsaya a kansu kullum, domin malamin makaranta sau biyu a mako zai leƙo in ya yi ƙoƙari. A yawancin asibitocin matakin farko wannan mutum jami'in kiwon lafiyar al'umma ne, wanda ya yi makarantar fasahar lafiya, yana da hukumar rajistarsa daban, yana aiki da littafin umarnin da ke faɗa masa iyakar abin da zai yi. Ya fi malamin aji sanin unguwar nesa ba kusa ba. Manhaja mai hankali takan ware yini guda kafin fita a zauna da waɗannan jami'ai, a nuna musu abin da ake so ɗaliba ta iya da yadda za su sa hannu. In ba a yi ba, ɗalibai za su ƙare a share fili da rubuta kati, su kuma dawo da raina mutanen da gobe za su yi aiki tare.

Maki

Ɗalibi abin da ake ba maki yake karantawa, ko me aka rubuta a manufa. A 1990 wani masanin koyar da likitoci, George Miller, ya kasa ƙwarewar ma'aikacin lafiya hawa huɗu: ya sani, ya san yadda ake yi, ya nuna, yana yi a bakin aiki. Jarrabawar rubutu hawa biyu na ƙasa take aunawa. Idan ita ke ɗauke da maki 70 ko 80, fita ƙauye ta zama hutu. Rabon da nake ba da shawara shi ne 40 ga rubutu, 30 ga jarrabawar tashoshi da ɗalibai ke kira oski, inda ɗaliba ke bin tasha-tasha tana nuna aiki a aikace, 30 ga aikin fili, da sharaɗin cewa wadda ta faɗi aikin fili ta faɗi kwas ko da ta cinye rubutu. Ba doka ba ce, kuma dole a daidaita ta da ƙa'idar makin makaranta, amma sharaɗin na ƙarshe shi ne mai haƙora.

Tashoshin oski su fito kai tsaye daga ayyuka shidan nan. Tasha ɗaya kwalabe huɗu ne a kan teburi, ɗaya alamarta ta yi duhu, ɗaya wa'adinta ya wuce, a ce ta ware. Wata tashar rajista ce da alƙalami. Wata kuma mace ce zaune da 'yar tsana a goye, tana cewa, "'Yar nan, wancan karon da aka yi masa kwana biyu bai yi barci ba, babansa ya ce kar in sake kawo shi." A ba ɗaliba minti biyar, da Hausa, a ji ko za ta saurara kafin ta fara wa'azi, ko za ta faɗi ranar dawowa da sunan rana, ko za ta tambaya a yi magana da maigidan.

Rahoton rukuni shi ne inda ake yawan ruɗin kai. Mutum ɗaya ke rubutawa, biyar su sa suna, wani lokaci ma na bara ne aka sauya masa kwanan wata. Gane shi ba wuya. Taswirar unguwa ba ta nuna famfon da aka haƙa bana ba, ko yawan jama'a bai motsa ba ko da mutum ɗaya. Littafin sa hannu ma haka: idan ayyuka talatin na mako goma duk da biro ɗaya aka sa musu hannu, rubutun bai canza ba, a daren ƙarshe aka cika shi. Maganin duka biyun shi ne a rage makin rahoto zuwa goma, sauran ashirin su tafi ga ganin ido. Malami ya zaɓi gida ɗaya cikin biyar na ɗaliba ba tare da ya sanar da ita ba, su tafi tare. Tun daga zaure ake ganewa. Idan yara suka rugo suna kiran sunanta, uwar gida ta ɗauko katin rigakafi daga cikin kwalla ba tare da an tambaya ba, ta zo gidan. Idan kuwa ta tsaya a bakin lungu tana duba takarda don ta tuna wace ƙofa ce, sai malami ya rubuta abin da ya gani, a ƙara mata mako biyu.